Ruwan wanka da na wanke hannu: a tara a tanki ko a sake shi gindin bishiya?

Baban Hafsat:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema kafin in kira mai aiki. Mu shida ne a gida, banɗaki biyu, duka a saman bene, kowanne da shawa da sinkin wanke hannu. Duk ruwan nan sokawe yake gangarawa, alhali da ruwa mai tsabta muke kora masai, da shi kuma muke ban ruwa. Abin da nake tunani shi ne in raba bututun wanka da na masai, in ajiye tanki mai lita 1000 a ƙasa ya riƙa tarawa, sai ƙaramin injin ya tura ruwan zuwa tankunan masai, ragowar a ba shuke-shuke. Ina da lemo biyu, gwaiba ɗaya, ayaba, da ɗan fangalin latas da karas. Wace irin tacewa ruwan yake buƙata, kuma akwai maganin da ake zuba masa?

Mai Famfo:
Wa alaikumus salam Alhaji. Wannan ai aikin wuni ɗaya ne. Ka samu durom, a zuba tsakuwa a ƙasa, yashi a tsakiya, gawayi a sama, ruwan ya bi ta ciki kafin ya faɗa tanki. Zai fito garau. Sannan ka jefa ƙwayar kulorin a tankin masai, shi ke nan. Abin da zan ja kunnenka a kai kawai, kada ka haɗa da sinkin kicin, maiƙo zai toshe komai.

Ɗan Autan Zaure:
Haba jama'a, ruwan da ya fito daga banɗaki za a zuba wa abin da mutum zai ci? Ni dai ko kyauta aka ba ni wannan lemon ba zan sha ba. Ai ruwan sokawe ruwan sokawe ne.

Maman Biyu:
Ƙanina, sake karanta tambayar. Ba ruwan masai yake nufi ba, ruwan wanka da na wanke hannu ne, kuma ya ce zai raba bututunsu. Ni dai abin da zan ce wa Baban Hafsat, mun taɓa tara ruwan wanka a durom don ban ruwa. Ranar farko ƙamshin sabulu ma yake yi. Kafin kwana uku ya koma baƙi-baƙi, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, har ba ma iya buɗe tagar ɗaki. Muka zubar, muka haƙura. Har yau ban gane abin da ya jawo ba, don babu ƙazantar da ta shiga.

Injiniyan Ruwa:
Hajiya, babu abin da ya shiga daga waje, warin daga cikin ruwan ya taso, kuma labarinki shi ne amsar rabin tambayar Alhaji.

Ruwan wanka yana ɗauke da sabulu, maiƙon jiki, matacciyar fata, gashi, man goge baki, ga shi da ɗumi. Duk wannan abinci ne ga bakteriya. Da zarar ruwan ya tsaya wuri ɗaya sai su hayayyafa, su cinye iskar oksijin da ke cikinsa. Idan iskar ta ƙare sai wasu irin bakteriya su karɓi aikin, waɗanda ba sa buƙatar iska, su ne ke fitar da wannan iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, su kuma baƙanta ruwan. Shi ya sa wurare da dama da suka yi doka a kan wannan ruwa suka tsaya a kan awa 24: ruwan wankan da ba a gyara ba, kada ya wuce kwana ɗaya a ajiye. A lokacin zafi ma bai kai hakan ba yake juyawa.

To Alhaji, mu yi lissafin gidanka. Shawa takan zubar da lita 8 zuwa 12 a minti ɗaya. Mu ce kowa ya yi minti biyar da mai lita 8, lita 40 ke nan, ku shida lita 240. Ƙara kamar lita 30 na wanke hannu da fuska, ka samu lita 270 a rana, idan wanka ɗaya kowa yake yi. Masai na zamani lita 6 yake ci a kora ɗaya. Idan kowa ya kora sau biyar, lita 180. Ka ga abin da ke shigowa ya fi abin da masai zai ɗauka, kuma gobe wani lita 270 zai sake zuwa. Don haka babu dalilin tara na jiya. Tankinka mai lita 1000 zai riƙe ruwan kusan kwana huɗu, wato kullum ruɓaɓɓen ruwa za ka riƙa turawa cikin banɗakinka. A wannan aikin girman tanki ba alheri ba ne.

Shawarata ka raba maganar gida biyu, don buƙatarsu ba ɗaya ba ce. Ruwan da zai tafi ƙarƙashin ƙasa wurin bishiya nan take, kusan ba ya buƙatar gyara, ƙasa ce ke yin aikin. Wanda zai koma cikin gida ya zauna a tankin masai kuwa, sai an yi masa gyara sosai.

Mai Famfo:
Injiniya, na yarda da maganar tanki. Amma ai shi ya sa na ce a tace. Na haɗa wa mutane wannan durom ɗin, da idona na ga ruwan yana fita fari tas.

Injiniyan Ruwa:
Ban musa ba Maigida, a makon farko haka yake fita. Sai dai abu biyu. Na farko, yashi yana tare gashi da dattin da ido ke gani, amma sabulun da ya riga ya narke wucewa yake yi, kuma shi ne abincin bakteriyar. Ruwan zai yi haske a ido, ka ajiye shi kwana biyu ya yi wari.

Na biyu, matatar yashi ta gaskiya ba tacewa kawai take yi ba. Wata 'yar yauƙi ce ta bakteriya ke tsirowa a jikin ƙwayoyin yashin, ita ke cinye narkakken dattin, kuma tana buƙatar iska da lokaci. Shi ya sa ake yin ta da faɗi, yashi mai zurfin kamar santimita 60, ana watsa mata ruwa kaɗan-kaɗan tana shan iska a tsakani. Abin da aka saba ɗora wa irinta bai wuce kamar lita 50 a kan kowace murabba'in mita a rana ba. Bakin durom mai lita 200 faɗinsa bai kai santimita 60 ba, wato kamar rubu'in murabba'in mita. Ka zuba masa lita 270 kullum, ka ɗora masa ninki ashirin na abin da zai iya. Sama za ta toshe da gashi da kumfar sabulu, ruwa ya kwanta, ƙasan ya rasa iska, durom ɗin da kansa ya zama tushen wari. Ka koma gidajen da ka yi wa aikin ka tambaya ko har yanzu suna amfani da shi.

Mai Famfo:
Wasu sun cire, gaskiya. Amma akwai wanda nasa yana nan, yana canja yashin sama duk bayan 'yan makonni. Kuma gawayi fa? Ai kowa ya san yana kashe wari.

Injiniyan Ruwa:
Wanda nasa yana aiki, ina kyautata zaton ruwan gidansa kaɗan ne kuma ba ya ajiye shi. Gawayin girki ba shi ne gawayin da ake sarrafawa musamman don matatar ruwa ba, tsotsonsa kaɗan ne kuma da wuri yake cika. Amma ba zan ce ba shi da amfani ba, ramukan jikinsa mazauni ne mai kyau ga bakteriyar da muke so, muddin yana samun iska. Matsalata da girman durom ɗin ne, ba da gawayin ba.

Ƙwayar kulorin a tankin masai kuwa, ita ce ban yarda da ita ba sam. Tana cin robar da ke toshe ruwa, bayan wani lokaci sai masai ya fara yoyo, ka yi asarar ruwan da ka ce kana tattali.

Baban Hafsat:
Madalla. To Injiniya, mu fara da ɓangaren bishiyoyin tunda ka ce shi ne mai sauƙi. Yaya ake yi, dalla-dalla?

Injiniyan Ruwa:
Ka yi sa'a banɗakunanka a sama suke, ba ka buƙatar inji, gangare ya isa.

A inda bututun wanka ya sauko, kafin ya haɗu da na masai, a sa bawul mai hanya biyu: juyi ɗaya ruwa ya tafi lambu, juyi ɗaya ya koma sokawe kamar da. Wannan bawul ɗin shi ne abu mafi muhimmanci a aikin, kuma a sa shi inda hannun kowa zai kai. A magudanar shawa a sa 'yar rariyar tare gashi. Daga bawul a ja bututu mai kauri, milimita 40 ko 50, da gangaren santimita 2 a kowace mita, kada a bar inda zai lotsa ruwa ya kwanta. Kada ka yi amfani da siririn tiyon nan mai ɗiga, ƙofofinsa toshewa za su yi cikin 'yan kwanaki. Kada kuma ka sa abin feshi, don feshi yana mai da ruwan ya zama tururin da mutum zai shaƙa, ya kuma sauka a kan ganye.

A wurin kowace bishiya a haƙa kwari mai zurfin santimita 25 zuwa 30, ba a jikin gindin ba, a daidai inda inuwar rassa ta ƙare, nan ƙananan saiwoyi masu shan ruwa suke. A cika shi da ɓawon itace ko gutsattsarin katako ko busassun rassa da aka daddatsa. Bakin bututun ya shiga cikin wani tsohon bokiti da aka yanke gindinsa aka kafa a tsakiyar kwarin aka yi masa murfi, ruwan ya riƙa faɗowa daga ɗan sama, don kada saiwa ta bi ta shige bututun. Ruwa zai bazu a ƙarƙashin katakon, katakon ya tare gashi da kumfa, halittun ƙasa su cinye sauran. Dokar Kalifoniya ta ce a saki irin wannan ruwa ƙarƙashin abin rufi na aƙalla inci 2, wato santimita 5. Manufar dai ɗaya ce, kada yaro ko dabba ko ƙuda ko sauro su kai gare shi.

Girman kwarin ya danganta da ƙasarka. Haƙa rami mai zurfin santimita 30, ka cika shi da ruwa, ya tsotse, ka sake cikawa ka duba. Idan cikin 'yan awanni ya shanye, ƙasar tana sha. Idan washegari ka tarar da ruwa, laka ce mai tauri, sai ka yi hattara. A ƙiyasi, ƙasa mai rairayi tana iya ɗaukar kusan lita 100 a murabba'in mita a rana, mai laka kuwa 30 zuwa 40. Idan taka laka ce, lita 270 na buƙatar kamar murabba'in mita 8. Raba shi huɗu, kowace bishiya ta samu kwari mai mita biyu a tsawo, ɗaya a faɗi. Ayaba ita ta fi son ruwa, ka ba ta kaso mafi tsoka.

Alamar aiki ya yi kyau ita ce babu ruwa a fili, babu wari. Idan ka ga ruwa ya taso sama ya kwanta, ko dai kwarin ya yi ƙanƙanta, ko katakon ya ruɓe ya cushe yana son canji, wanda akan yi kamar sau ɗaya a shekara. Da damina, ƙasa ta ƙoshi, ka juya bawul. Sannan ka nisanta kwarin daga ginin gida kamar mita biyu, daga rijiya ko burtsatse kuma mita 30.

Hajiya Mai Lambu:
Ni a nan zan shigo, don ban yarda cewa ƙasa tana cinye komai ba. Lemona biyu na sa wa ruwan wanka da na wanki, shekarar farko suka yi kore shar, na yi ta murna. Shekara ta biyu bakin ganyen ya fara ƙonewa, tsofaffin ganye suna rawaya suna zuba, ƙasar gindin ta yi wani fari-fari a sama, ta taurare, ka zuba ruwa ya tsaya yana kallonka. Ayabar da ke kusa kuwa ko a jikinta. Don haka Baban Hafsat, ka yi tunani kafin ka kai wa lemonka.

Injiniyan Ruwa:
Gaskiyarki Hajiya, ƙasa tana cinye datti, ba ta cinye gishiri. Kuma ina zargin ruwan wankin kaya ne ya yi miki ɓarnar fiye da na wanka. Garin sabulun wanki cike yake da gishirin sodiyam, wasu har da boron. Sodiyam idan ya taru a ƙasa mai laka yana wargaza tsarinta, ƙofofin da ruwa ke bi su toshe, shi ne taurin da kika gani. Lemo kuma yana cikin bishiyoyin da ba sa jure gishiri da boron. Babu matatar yashi ko gawayi da za ta cire waɗannan, a narke suke. Maganinsu daga sama ne, wato abin da ake zubawa a ruwan tun farko.

Ruwan shawa da sinki ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, don sabulun kaɗan ne a cikin ruwa mai yawa. Amma shi ma sabulun dunƙule yana da kanwa-kanwa, yana ɗaga pH na ƙasa a hankali, wato yana ƙara mata kanwa, sabulun ruwa da shamfu sun fi shi sauƙi ta wannan fuskar. Abin yi shi ne a riƙa hutar da bishiya, lokaci-lokaci a ba ta ruwa mai tsabta da yawa ya wanke gishirin zuwa ƙasa. Inda ake samun ruwan sama sosai, damina tana yin wannan aikin. Ƙasar da ta riga ta taurare kuma akan zuba mata jibsam, wani farin garin ma'adini, da takin gargajiya.

Hajiya Mai Lambu:
To ni dai nawa ɗaya ya farfaɗo bayan na daina, ɗayan bai dawo ba. Ko da ruwan wanka zalla ne, ni ba zan sake ba lemo ba. Kuma a ƙara da cewa kada a ba shukar tukunya da ƙananan dashe, gishirin ba shi da wurin zuwa a tukunya.

Malamar Asibiti:
Ban ga wanda ya taɓo latas da karas ɗin ba, kuma su ne suka fi damuna. Ɗan Auta ya fahimci tambayar a karkace, amma tsoronsa ba banza ba ne. Ruwan wanka ba ruwan masai ba ne, amma yana da ɗan rabonsa na ƙwayoyin cutar hanji, don jiki ake wankewa gaba ɗaya, ga hannun da aka wanke bayan an fito bayan gida, ga wankan jariri. Latas ɗanye ake ci kuma ruwan yana taɓa ganyensa, karas kuma a cikin ƙasar yake kwance. Waɗannan biyun a bar su da ruwa mai tsabta. Bishiya daban ce, 'ya'yanta suna sama nesa da ruwan, ƙwayoyin cutar ba sa bin saiwa su hau cikin lemo. Wanda ya faɗo ƙasa dai a wanke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan amfani da irin wannan ruwa a noma a 2006, kuma tunanin da ke cikinta ke nan: kada a dogara da kariya ɗaya, a haɗa zaɓen abin da za a shuka, da yadda ake ban ruwan, da wanke amfanin.

Sannan ku koya wa mutanen gida ranakun juya bawul: idan wani yana gudawa ko amai, idan an wanke kashin jariri ko ƙyallensa a sinki, idan an yi rinin gashi, idan an wanke banɗaki da bilic ko asid. Duk waɗannan sokawe za su tafi.

Ɗan Autan Zaure:
To Anti, kin ga ban yi ƙarya ba ke nan. Na janye maganar lemon, amma latas ɗin ina nan a kan bakana.

Baban Hafsat:
Latas da karas sun fita. Saura masai, Injiniya. Lita 180 a rana ba kaɗan ba ne, ina so in ji ko akwai hanya.

Injiniyan Ruwa:
Hanya mafi sauƙi ba ta buƙatar komai: ka ajiye bokiti a wurin wanka, abin da ya tara a juye shi kai tsaye a cikin kwanon masai, da ƙarfi a lokaci ɗaya, a ranar. A kwano, ba a tankin baya ba. Gidan da ke da ƙananan yara kuma kada a bar bokiti cike a buɗe, yaro mai rarrafe yana iya faɗawa.

Idan kuwa so kake a danna ya kora da kansa, to mataki uku ne, kuma ba a tsallake na tsakiya. Na farko rariya mai tare gashi da datti, wadda za a riƙa wankewa duk mako. Na biyu a cinye narkakken dattin, ko da tanki mai injin hura iska, ko da matatar yashi mai faɗi. Don lita 180 kana buƙatar kusan murabba'in mita 4 na yashi. Na uku kashe ƙwayoyin cuta da kulorin ko fitilar UV, wato fitilar da ruwan ke bi ta jikinta, haskenta ya kashe su. Dalilin da ya sa ba a tsallake na biyu: kulorin yana fara ƙarewa ne a kan sabulu da dattin kafin ya kai ga ƙwayoyin cuta, fitilar kuma haskenta ba ya ratsa gurɓataccen ruwa. UV kuma ba ya barin kariya a cikin ruwan, da ya zauna a tankin masai bakteriya na iya dawowa, shi ya sa kulorin ya fi dacewa da nan.

Lissafinsa: bilic mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari yana da kamar miligiram 50 na kulorin a kowace mililita. Idan kana son farawa da miligiram 5 a lita, lita 100 na buƙatar mililita 10. Amma wannan mafari ne kawai. Bayan minti 30 ka gwada da 'yar takardar gwajin kulorin irin ta masu wurin ninƙaya. Ana so a ga ragowar kulorin miligiram 0.5 zuwa 2 a lita. Idan ta nuna sifili, dattin ya shanye shi, matakinka na biyu bai yi aiki ba, ƙara bilic ba zai gyara ba. Tankin ajiyar kada ya wuce buƙatar rana ɗaya, lita 200 ya ishe ka, mai murfi, da bututun ambaliya zuwa sokawe, da raga a bakinsa saboda sauro. Wannan ruwan mai kulorin kuma ba na bishiya ba ne.

Mai Famfo:
A nan bari in ƙara abin da ya shafi sana'ata, don shi ya fi kowane haɗari. Ranar da tankin ruwan wanka ya ƙare, mai gida zai ce a haɗa masa da layin ruwan sha da ɗan bawul don masai ya ci gaba da aiki. Kada wanda ya yarda. Ranar da ƙarfin ruwan sha ya faɗi, layin zai zuƙo ruwan wankan baya, ya fito a famfon kicin. Idan za a ƙara ruwa mai tsabta, bakin bututunsa ya tsaya a sama da tankin, ruwan ya faɗo ta cikin iska, kada ya taɓa ruwan ciki ko tankin ya cika ya batse. Kuma a shafa wa bututun fenti daban a rubuta a jiki, a ƙasashe da dama ruwan hoda mai duhu, wato shunayya, ake sa wa irin wannan layi. Wani mai famfon da zai zo bayan shekara biyar bai san abin da ka binne a bango ba.

Wani abu kuma: ɗan tiyon tsarki da ke gefen masai, yawanci daga layin tankin masai muke cire shi. Idan ka mai da layin na ruwan wanka ka manta da tiyon, da wannan ruwan mutanen gida za su riƙa wanke jikinsu. Sai an ja masa layinsa daban.

Injiniyan Ruwa:
Wannan ita ce maganar da ta fi tawa duka, Maigida. Kuma ya taɓa faruwa a babban mataki. A unguwar Leidsche Rijn da ke Utrecht a ƙasar Holan an yi wa gidaje layi biyu, ɗaya na sha, ɗaya na ruwa mai ƙarancin gyara don masai da wanki. A 2001 layukan suka haɗu bisa kuskure, mutane suka kamu da ciwon ciki, kuma a 2003 gwamnati ta dakatar da irin wannan tsari na unguwa guda. Ba ruwan wanka ba ne nasu, amma kuskuren iri ɗaya ne, kuma ƙwararru ne suka yi aikin.

Ni a ra'ayina, gida ɗaya mai mutum shida, tsarin tankin masai wahalarsa ta fi ribarsa: inji, wuta, wanke rariya, gwajin kulorin, ga fasa bango. Ya fi dacewa da otal ko ɗakunan kwanan ɗalibai, inda ruwan yake da yawa kuma akwai wanda aikinsa ke nan. Da ni ne, ruwan shawa ya tafi bishiya, masai kuma in sa mai maɓalli biyu, lita 6 da lita 3.

Mai Famfo:
Nan kuma ban bi ka ba. Inda ruwa ke wahalar samu, lita 180 kullum ya isa a yi wahala dominsa. A wata lita 5,400 ne fa. Wanda zai iya kula da janareta zai iya kula da wannan.

Injiniyan Ruwa:
Idan zai kula ɗin, ban hana ba. Ka dai tambaye shi wa zai wanke rariyar ranar da ya yi tafiya.

Maman Biyu:
Ni tambayata a kan katakon da za a zuba a kwarin ne. Danshi kullum ga katako, ba gara muke kira wa gida ba?

Hajiya Mai Lambu:
Ni ma ita ta hana ni zuba katako kusa da gini. Wasu suna cewa a sa tsakuwa a maimakonsa.

Injiniyan Ruwa:
Tsakuwa tana bari ruwa ya wuce, amma maiƙo da gashi suna cushe ta, kuma ita ba ta ruɓewa ta zama taki, sai an kwashe an wanke. Gara kuwa takan zo wa katako, shi ya sa na ce a nisanta daga gini. Wanda gara ta yi wa yawa ya ƙara tazarar, ya riƙa duba gindin bishiyar.

Baban Hafsat:
Na gode ƙwarai jama'a. Na fasa sayen babban tankin. Zan fara da banɗaki ɗaya, in kai wa ayaba da gwaiba, lemon kuma in dakata tukuna saboda maganar Hajiya. Na haƙa ramin gwajin da yamman nan, cikon farko ya shanye da wuri, na biyu har yanzu da saura kamar rabi bayan awa uku. Injiniya, wannan a wane lissafi zan sa shi, na rairayi ko na laka?